Kamfani Na Sakin Ruwa da Dare, Jami'i Na Zuwa da Rana

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwannin da ke maƙwabtaka da Sharaɗa ko Calawa ko Bompai a Kano ya san wani irin wari da ba ya buƙatar gabatarwa. Yakan zo ne bayan sawu ya ɗauke, ya shigo ta taga kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a tsakar ɗaki, yara su fara tari, uwa ta tashi ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da gari ya waye a leƙa lambatun bayan gida, sai a tarar ruwan ya sauya launi, wani lokaci fari-fari da kumfa, wani lokaci shuɗi mai sirkin kore. Kafin hantsi ya dubi ludayi ruwan ya wuce, warin ya lafa, bututun kamfanin ya koma fitar da ɗan siririn hayaƙi kamar ba shi ba.

A nan ne ƙorafin mutane da yawa yake mutuwa. Abin da ke damunsu da dare yake faruwa, ma'aikacin hukumar da zai zo ya duba kuwa da rana yake aiki. Idan takardar koken ba ta gaya masa ranar da zai zo, da lokacin, da inda zai tsaya ba, zai zo ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ya zaga, ya ga komai lafiya, ya koma ya rubuta abin da idonsa ya gani. Bai yi ƙarya ba, kuma mai koken ma bai yi ƙarya ba.

Bari mu ɗauki misalin wani magidanci, malamin firamare, wanda gidansa ke bayan katangar wani kamfanin jima. Ba sai mun kira sunansa ko na kamfanin ba, domin irin labarinsa yana da yawa. Takardarsa ta farko shafi uku ce. Ya faɗi cewa ana kashe su a tsaye, cewa masu kamfanin ba su da tausayi, cewa shekara da shekaru suna cikin wannan azaba, ya roƙi hukuma ta dubi girman Allah ta rufe wurin. Duk abin da ya rubuta daga zuciyarsa ya fito, amma a shafi ukun nan babu rana ɗaya, babu lokaci ɗaya, babu bayanin inda ruwan ke fitowa. Ma'aikacin da ya karanta zai tausaya masa, sai dai ba shi da abin da zai ɗora aiki a kai.

Me ke cikin ruwan

Kafin mutum ya iya bayyana abin da yake gani, yana da kyau ya san daga ina yake fitowa. Kano garin jima ne tun kaka da kakanni, kuma majemanmu na gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki. Kamfanonin zamani sun bi wata hanya mai sauri. Da farko ana jiƙa fata ko ƙirgi a wanke gishirin da aka adana shi da shi. Sannan a zuba shi cikin manyan ganguna masu juyawa da farar ƙasa da wani sinadari mai suna sodiyom salfaid, wanda ke cire gashi. Ruwan da ke fita daga wannan mataki shi ne fari-farin nan mai santsi a hannu, mai ɗauke da gashi da kitse da tsokar da ta narke. Daga baya a tsoma fatar cikin ruwan asid da gishiri, a jeme ta da sinadarin kurom, wanda ke mayar da ita shuɗiya. Fata ba ta shanye kurom ɗin duka, ragowar yana bin ruwa, kuma shi ne launin shuɗi-kore da ake gani a kwata.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana da nasa dalilin. Muddin ruwan salfaid yana zaune shi kaɗai da farar ƙasarsa, yawancin gubar tana ɗaure a cikinsa. Amma da ya haɗu da ruwan asid na matakin jima a magudana ɗaya, sai iskar da masana ke rubutawa H2S ta kuɓuce. Iska ce da ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka tana kwanciya a lambatu da ramuka da ɗakunan da ke ƙasa-ƙasa. Tana sa zoben azurfa ya yi baƙi, tana cin wayar tagulla a firji da talabijin. Abin da ya fi ban tsoro game da ita shi ne idan ta yi yawa sosai hanci yakan daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne ta kai matakin kisa. Shi ya sa ba a shiga cikin kwalbati ko rufaffen rami don ɗebo hujja, komai zafin rai.

Yawan ruwan ma abin lura ne. A jimar zamani, tan ɗaya na ɗanyar fata yakan ci ruwa lita dubu talatin, wani wurin ƙasa da haka, wani wurin fiye. Kamfanin da ke sarrafa tan biyar a rana ke nan yana da lita 150,000 da dole ya san inda zai kai su, wato jarka 6,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Doka ta ce ya tace kafin ya saki. Tacewar tana nufin ya raba ruwan salfaid da na kurom, ya busa wa na farko iska na awowi har gubar ta mutu, ya zuba wa na biyu sinadarin da zai sa kurom ya kwanta a ƙasa, sannan ya kwashe lakar da ta taru. Injinan busa iska wuta suke ci, wuta kuma a Kano sau da yawa dizal ce. A nan kwaɗayin yake: a tara ruwan a tafki da rana, a buɗe masa hanya da tsakar dare, ko a jira ruwan sama a sake shi cikin ambaliya.

Ruwan ba a bayan gidan malam yake tsayawa ba. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su nufi madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, ya gangara kogin Calawa, kogin da matatar ruwa ta Tamburawa ke gefensa. A kan hanya akwai masu lambu da ke ban-ruwa da abin da ya zo musu, latas da alayyahu da kabeji kuma kasuwa suke tafiya. Ambaton inda ruwan ya nufa a cikin takardar koke yana ƙara mata nauyi, domin ya fitar da maganar daga rigimar gida ɗaya da kamfani.

Littafin da ke gefen gado

Abin da ya sauya lamarin malamin nan shi ne littafin rubutu na ɗalibai mai shafi arba'in. Wani tsohon duba-gari da suke sallah a masallaci ɗaya ne ya ba shi shawara, ya ce, “Malam, ka daina faɗa musu kana shan wahala, sun sani. Ka faɗa musu ƙarfe nawa.” Sai ya ja layuka a littafin: rana, lokacin farawa, lokacin tsayawa, abin da aka gani ko aka ji, inda iska ke kaɗawa, da wanda ya shaida. Ya ajiye shi a gefen gado da biro da tocila. Daren da bai farka ba, mai ɗakinsa ce ke rubutawa, ko maƙwabcinsa mai gadin wani shago, wanda dama ba ya barci.

Mako uku suka yi suna wannan. Da suka zauna suka duba, abin da shekaru ba su nuna musu ba sai ga shi a fili. Cikin dare ashirin da ɗaya, ruwa ya fito sau tara, shida daga ciki daren Laraba da daren Asabar ne, kusan kullum tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi da ƙarfe huɗu. Baƙin hayaƙin yana tashi ne wajen ƙarfe biyar na asuba, ya ɗauki minti arba'in zuwa awa guda. Akwai kuma wani hayaƙi na daban, mai warin ƙonannen gashi, wanda ba ta bututu yake fita ba, daga bayan katanga yake tashi ranar Lahadi da yamma. Har ranakun da ba a ga komai ba sun rubuta, kuma wannan ya yi musu amfani, domin littafin da ya ce kullum ana cikin bala'i babu hutu, mai karatu yakan fara shakkarsa.

Maganar hayaƙi tana bukatar ido mai bambancewa. Farin da ke fita daga bututu ya ɓace bayan 'yan taku kaɗan, yawanci tururi ne, kuma wanda ya kai ƙara a kansa zai ba manajan kamfani abin dariya. Mai shuɗi-shuɗi daga janareta alama ce inji na ƙona man giris ɗinsa. Baƙi wuluk kuwa yana nufin man bai ƙone sosai ba, ko iska ta yi wa tukunyar tururi kaɗan, ko an daɗe ba a gyara ta ba, ko ana amfani da baƙin mai mara kyau. Ɗan baƙin hayaƙi na 'yan mintuna lokacin da ake kunna tukunya mai sanyi abu ne da aka saba gani, kuma da shi kamfani zai kare kansa. Amsar wannan ita ce tsawon lokaci. Minti arba'in kullum ba kunnawa ba ce. Shi ya sa bidiyon waya na daƙiƙa goma bai kai hotuna uku da aka ɗauka daga wuri ɗaya, tazarar kwata-kwatan awa, da alama a ciki kamar hasumiyar masallaci ko tankin ruwa da za ta nuna wane bututu ne ba.

Hayaƙin ranar Lahadin nan ya fi sauran muni duk da ya fi su ƙanƙanta. Tarkacen fatar da aka riga aka jeme, wanda ake karkarewa don daidaita kaurinta, shi ake tarawa a cinna wa wuta. Kurom ɗin da ake jima da shi nau'i ne mai sauƙin illa, amma wuta tana iya juya wani ɓangarensa zuwa nau'in da aka tabbatar yana jawo ciwon daji idan ana shaƙarsa. Wanda ya ga ana wannan ƙona, ya ba ta sakin layi nata na musamman a takardarsa.

Iska kuma shaida ce. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Idan gidanka yana kudu maso yammacin bututun, kuma littafinka ya nuna hayaƙin ya fi damunka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, labarinka ya yi daidai da yanayi, kuma duk jami'in da ya san aikinsa zai lura. Da daren sanyi iskar da ke kusa da ƙasa takan fi ta sama sanyi, sai ta ƙi tashi, hayaƙi ya kwanta a kan rufin gidaje maimakon ya yi sama. Wannan ne ya sa hayaƙin da ba a damu da shi da azahar ba yake shaƙe mutane da asuba.

Wace ƙofa za a buga

Najeriya ta fara ɗaukar wannan fanni da gaske ne bayan abin kunyar garin Koko a 1988, lokacin da aka gano an jibge ganguna na sharar guba daga Italiya a filin wani mutum a tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar ce aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa NESREA, wadda a yau ita ce ke da alhakin tilasta bin ƙa'idojin muhalli a kan masana'antu, ban da harkar haƙar mai da iskar gas. Tana da ofisoshi a jihohi, har da Kano. A 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da kamfanonin fata da takalma, daga baya aka yi na ingancin iska. Doka ta ba jami'anta ikon shiga kamfani, su duba takardu, su ɗebi samfur, su ba da wa'adin gyara, idan abin ya ƙi su rufe wurin ko su kai kotu.

Jiha ma tana da hannu. A Kano akwai Ma'aikatar Muhalli, a Kaduna akwai hukumar KEPA, a ƙaramar hukuma akwai sashen duba-gari. Mutane da yawa a Kano suna kai irin wannan kuka ga hukumar kwashe shara ta REMASAB don ita suka fi gani a titi, alhali aikinta na bola ne. A ganina, hanya mafi kyau ita ce a rubuta wa ɗaya kai tsaye, a aika wa sauran kwafi, kuma a lissafa sunayensu a ƙasan takardar. Idan aka rubuta wa kowa daban ba tare da ya san da ɗan'uwansa ba, kowa zai iya ɗauka aikin wani ne. Mai unguwa da dagaci su ma a ba su nasu kwafin, tun kafin su ji labari a bakin kamfani.

Takardar malam ta biyu shafi ɗaya ce da rabi. Bayan gaisuwa da gabatar da kai, ga yadda zuciyarta take: “Ranka ya daɗe, ruwa mai launin shuɗi-kore yana fitowa ta wani bututun siminti da ke ƙasan katangar kamfanin ta yamma, kimanin taku talatin daga kwanar layinmu, ya faɗa babban lambatu. Cikin mako uku mun ga haka sau tara, yawanci daren Laraba da Asabar tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi da huɗu. Muna roƙon a turo jami'ai ba tare da an sanar da kamfanin ba, a ɗebi samfur a bakin bututun a irin wannan lokaci, a gwada ruwan rijiyoyi uku da ke layin, kuma a sanar da mu sakamakon a rubuce.” Ya haɗa da kwafin littafin, hotuna shida, da taswirar da ya zana da hannu. Magidanta goma sha huɗu suka sa hannu. Ya rubuta da Hausa, wani abokin aikinsa ya mayar masa Turanci, aka haɗa biyun.

A lura da abin da bai rubuta ba. Bai ce kamfanin ya ba wani cin hanci ba, domin ba shi da hujja, kuma irin wannan jimla ita ce lauyan kamfani ke nema don ya juya maganar ta koma ɓata suna. Bai ce hayaƙin ne ya jawo wa 'yarsa asma ba. Cewa ya yi ta kwanta asibiti sau biyu a watan, ya ba da ranakun, ya bar mai karatu ya gwada su da na littafin. Bai kuma nemi a rufe kamfanin ba. Akwai samarin layin da ke cin abinci a wurin, kuma da ya nemi rufewa, da rabin waɗanda suka sa hannu sun janye. Abin da ya nema shi ne a tace ruwa, a gyara tukunya, a daina ƙona tarkace.

Da ya kai takardar, bai miƙa ta ya juya ba. Ya tafi da kwafi biyu, ya roƙi ma'aikacin karɓar wasiƙu ya buga masa hatimi da kwanan wata a kan nasa. Wannan ɗan hatimin shi ne abin da duk wani mataki na gaba zai tsaya a kai.

Kwalbar ruwa da iyakarta

Kusan kowa abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya cika gorar ruwa da wannan shuɗin ruwa ya dire ta a teburin shugaba. Tana da amfani wajen jan hankali, amma ba hujja ba ce a gaban shari'a. Kamfani zai tambaya, wa ya ɗeba, a ina, me ke cikin gorar kafin nan, a hannun wa ta kwana? Ban da haka, ruwan da kansa yana sauyawa. Salfaid yana gudu cikin iska, ƙwayoyin halitta suna ci gaba da cin dattin da ke ciki, shi ya sa samfurin gwajin da ake rubutawa BOD, wanda ke auna nauyin dattin da ke cinye iskar ruwa, ake sa shi cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji kafin kwana biyu. Gorar da ta yi mako a ƙarƙashin gado ba ta da sauran labari.

Abin da mazauni zai iya yi da kansa shi ne gwajin takardar pH, wadda ake samu a shagunan kayan kimiyya na makarantu. A ɗaura gwangwani a doguwar sanda, a ɗebo daga sama, a tsoma takardar, a ɗauki hotonta kusa da jadawalin launukanta. Ruwan da aka yarda a saki yana tsakanin 6 da 9. Na cire gashi yakan kai 12, na jimar kurom yakan sauka wajen 3 ko 4. Idan takarda ta nuna 11 da ƙarfe biyu na dare, wannan ruwa bai bi ta matata ba.

Babbar matsala a irin waɗannan yankuna ita ce kamfanoni da yawa lambatu ɗaya suke zuba wa. Kowanne zai nuna maƙwabcinsa. Maganinta shi ne a ɗebi samfur a wuri uku a lokaci guda: sama da bututun, bakin bututun, da ƙasa da shi. Mai koke yana da damar ya roƙi a yi haka. Rijiya kuma a nemi a gwada mata kurom da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kurom a ruwan sha miligiram 0.05 a lita, kuma ruwa zai iya wuce wannan yana nan garau a ido.

Idan jami'ai suka shiga kamfanin, za a kai su ga matata, wataƙila ma a tarar injinan na ruri. Jami'i mai wayo tambaya ɗaya yake yi: ina laka? Matatar da ke aiki kullum dole ta tara laka mai yawa, dole a sami inda ake shanya ta da inda ake kai ta, da rasiɗin sinadaran da ake saya, da lissafin wutar da injinan suka sha. Matatar da aka kunna da safen nan don baƙi tana da tsabta fiye da kima. Akwai kuma rahoton binciken muhalli da doka ta wajabta wa masana'anta duk shekara uku. Mai koke zai iya tambaya a takardarsa ko kamfanin ya gabatar da nasa.

Za a ji kamfani yana cewa shi ya riga gidajen zuwa, yankin masana'antu ne, mutane ne suka matso. A wurare da dama wannan gaskiya ce, gari ne ya girma ya cim ma katangar, kuma laifin na masu tsara birni ne da suka bari aka yanka filaye har jikin bango. Amma riga zuwa ba ta sauya iyakar da doka ta sa wa abin da ke fita daga bututu. Ko da daji ne a bayan katangar, ruwan dai kogi zai tafi.

Idan aka ji shiru

Mako uku bayan hatimin, malam ya rubuta tunatarwa ta layi biyar, ya ambaci ranar takardar farko, ya haɗa sababbin shafukan littafin. Wannan ya fi zuwa ofis kullum ana zaman benci. Idan shirun ya yi tsawo, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 don irin wannan, kyauta kuma take aiki. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma da ita za a iya neman sakamakon gwaji ko rahoton ziyara. Kotu ce ta ƙarshe. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta faɗaɗa damar kai ƙarar gurɓata muhalli har ga ƙungiyoyin da ba su ne abin ya shafa kai tsaye ba. Sai dai shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kuma lauya abin da zai fara nema shi ne littafin nan da takarda mai hatimi.

Wani lokaci kafin hukuma ta motsa, kamfani ne ke motsawa. A aiko da buhunan shinkafa gidan masu faɗa a ji, ko a yi alkawarin rijiyar burtsatse. Ba na ganin laifin unguwar da rijiyoyinta suka lalace ta karɓi burtsatse, haƙƙinta ne. Abin dubawa shi ne takardar da ake cewa a sa wa hannu a madadinta, da kuma ko an gwada ruwan sabuwar burtsatsen, tunda ƙasa ɗaya ce.

A misalinmu, jami'ai sun zo, an ba kamfanin wa'adi, an toshe bututun yamma da siminti, baƙin hayaƙin asuba ya ragu zuwa 'yan mintuna. Maƙwabta suka yi wa malam barka, wasu suka ce ai sai ya jefar da littafin. Bai jefar ba. Wata biyu bayan haka, a daren ruwan farko na damina, mai gadin shagon ya buga masa taga wajen ƙarfe biyu ya ce, “Malam, fito ka gani, yau ta kudu suka saki.” Ya ɗauki tocila da biro, ya duba agogo, ya buɗe sabon shafi.